TAKARDAR NEMAN BIYAN BASHI KAFIN A TAFI KOTU

Mutum da yawa, in sun gaji da sintirin bin bashi, sai su zarce ofishin 'yan sanda. Wannan ba hanya ba ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, gama wannan magana ce ta kotu. Kafin a kai ga kotun kuwa akwai matakin da ya kamata a fara takawa, watau a rubuta wa wanda ake bi takarda a nemi ya biya. Takardar nan abu uku take ɗauke da su: nawa ne kuɗin, me ya sa ake binsa, da kuma ranar ƙarshe da aka ba shi.

Bari mu buga misali. A ce wani manomi a Konduga, garin nan da ke kan hanyar Maiduguri zuwa Bama, ya sayar wa wani ɗan kasuwa na Maiduguri wake buhu 30, kowane buhu a kan Naira 60,000. Kuɗin ya kama Naira 1,800,000 ke nan. Aka ɗora kaya ran 6 ga Janairu 2025, mai saye ya ba da Naira 700,000 nan take, ya sa hannu a takarda cewa zai cika saura kafin ƙarshen watan. Ran 10 ga Fabrairu ya aiko da Naira 300,000 ta banki, daga nan sai ya daina amsa waya. Ga irin abin da manomin zai rubuta, ko ya sa a rubuta masa, bayan ya sa kwanan wata, da cikakken sunansa da na wanda yake bi, da adireshinsu:

"Alhaji, bayan gaisuwa. Ran 6 ga Janairu 2025 na sayar maka da wake buhu 30 a kan Naira 1,800,000, ka kuwa karɓi kayan. Ka sa hannu cewa za ka gama biya ran 31 ga Janairu 2025. Ka biya Naira 700,000 ran da aka ɗora kaya, da Naira 300,000 ran 10 ga Fabrairu. Saura Naira 800,000. Ina neman ka biya wannan kuɗi a asusuna da na rubuta a ƙasa, kada ya wuce ran Litinin, 17 ga Maris 2025. In ranar ta wuce ba ka biya ba, zan kai ƙara kotu ba tare da na sake yi maka magana ba. Na haɗo da kofen takardar da ka sa wa hannu."

Mai karatu ya lura, manomin bai ɓoye abin da aka riga aka biya shi ba. Wasu sukan rubuta kuɗin ciniki gaba ɗaya, wai don su tsorata abokin hulɗa. Kuskure ne babba. Ran da aka tsaya gaban alƙali, wanda ake ƙara ya fito da shaidar banki ta Naira 300,000 ɗin nan, to daga nan alƙali zai soma shakkar sauran maganar mai ƙara. Haka kuma kada a lafta kuɗin mota da na ɓacin rai a kan asalin bashi. Maganar ƙarin kuɗi saboda jinkiri ma, kotunan da ke bin dokar ƙasa ba su cika yarda da shi ba sai in an yi yarjejeniyarsa tun farko, ko kuwa al'adar wannan sana'a ce sananniya. Kotunan shari'ar Musulunci kuwa ba su ba da kuɗin ruwa. Adadin da aka rubuta a takarda, shi ne ya kamata a gani a takardar ƙara.

Dalilin bashi ba ya bukatar dogon Turanci ko lambar sashen doka. Abin da ake nufi shi ne a nuna tushen haƙƙin: ciniki ne aka yi, ko rance, ko ladan aiki, ko kuɗin haya. A misalinmu tushen shi ne an yi ciniki, an miƙa kaya, lokacin biya ya yi. In babu rubutacciyar yarjejeniya, sai a ambaci wurin da aka yi cinikin da waɗanda aka yi a gabansu, kamar dillalin da ya shiga tsakani.

Sai ranar ƙarshe. "Cikin gaggawa" ba rana ba ce, "bayan salla" ma haka. A rubuta kwanan wata sosai, a kuma ba da lokacin da mai hankali zai ce ya isa a haɗa kuɗi. Kwana bakwai zuwa goma sha huɗu shi ne abin da aka saba. Manominmu ya miƙa takardarsa ran 3 ga Maris, ya ba da mako biyu. In ya ruga kotu ran 10 ga watan, shi ne ya karya wa'adin da ya sa da hannunsa.

Akwai wani abu da jama'a suka fi yi wa sakaci, alhali kuwa a nan ake yawan faɗuwa, watau shaidar cewa takardar ta isa. Ba wuya mutum ya rantse bai ga komai ba. Saboda haka a yi kofe biyu, a ba shi ɗaya, ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayar a dawo da ita. In ya ƙi sa hannu, wanda aka aika ya rubuta ranar da wurin da ya miƙa, gaban shaida. In ta gidan waya ko kamfanin aika saƙo aka tura, a adana rasiɗi. A kotunan ƙananan basussuka, irin waɗanda Jihar Legas ta buɗe a 2018, Kano ta bi baya a 2019, wannan takarda sharaɗi ce, ba a shigar da ƙara sai an nuna an aika da ita. Mutumin Konduga sai ya tambayi rajistaran kotun da zai je ko akwai fom na musamman da suke so a cika.

Kada a sa zagi, kada kuma a yi barazanar tona asiri ko turo 'yan sanda. Barazanar da ta halatta guda ɗaya ce, ita ce kai ƙara. Wadda ta wuce wannan tana iya mai da mai bin bashi ya zama shi ne abin tuhuma.

To, in amsa ta zo fa? In Alhajin ya rubuto cewa lalle ana binsa, yana roƙon a ƙara masa wata guda, manomin ya riƙe wannan takarda da kyau, gama ta fi shaidu da yawa ƙarfi. Dokokin jihohi sun yanka wa'adin kai ƙarar bashi, shekara biyar a wasu jihohi, shida a wasu, kuma takardar neman biya ba ta tsayar da wannan lissafi. Amma in wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, lissafin yakan koma daga farko. In ya musanta adadin, ya ce buhu biyar sun zo da ƙwari, manomin ya san inda gardama take tun kafin ya biya kuɗin shigar da ƙara, sai ya duba ko sulhu ya fi masa. In kuwa ya yi shiru, kotunan Nijeriya sun sha ɗaukar shirun ɗan kasuwa a kan irin wannan takarda a matsayin alamar ya yarda da abin da ke ciki. Ran 18 ga Maris manomin sai ya ɗauki kofen takardarsa, da yarjejeniyar da aka sa wa hannu, da shaidar kuɗin da ya shiga banki, ya nufi ofishin rajistara.