Ƙidaya Rumfuna Kafin Ka Ƙidaya Ƙuri'u

Wanda ya taɓa kwana a cibiyar tattara sakamako ya san yadda wurin yake da ƙarfe biyun dare. Janareto na ruri, idanu sun yi ja, magoya baya a bakin ƙofa suna jiran a faɗi abin da suke so su ji. A irin wannan lokaci ne rumfa ɗaya take shiga lissafi sau biyu, kuma sau da yawa ba da mugun nufi ba. Shawarata ga wakilin jam'iyya, da ɗan sa ido, da duk wanda aka ɗora wa alhakin haɗa alƙaluma: kada ka fara tara ƙuri'u sai ka tabbatar kowace rumfa ta shigo, kuma sau ɗaya tak ta shigo.

A tsarin hukumar INEC, baturen rumfa yana rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilai su sa hannu, a ba kowa kwafinsa. Daga nan a kai gunduma a haɗa a EC8B, sai ƙaramar hukuma a EC8C, har a kai ga wanda zai bayyana ɗan takarar da ya ci. Kowane mataki kwafar na ƙasa da shi yake yi. Kuskuren da ya shiga a gunduma haka zai yi ta hawa, ba wanda zai gan shi a sama, domin a can jimla kawai ake kallo.

Don haka aikinka yana farawa ne kafin ranar zaɓe. Ka samo jerin rumfunan mazaɓarka daga hukumar, da lambar kowace rumfa da yawan masu rajistarta, ka shirya tebur, layi ɗaya ga rumfa ɗaya. Sakamako idan ya zo, gurbinsa yake nema a teburin. Ba a buɗe masa sabon layi. In ka tarar gurbin a cike, dakata, an riga an kawo shi. Kuma da lamba za ka yi aiki, kada ka yarda da suna. A 2021 hukumar ta ƙara yawan rumfuna zuwa 176,846, kuma da yawa daga cikin sababbin an cire su ne daga jikin tsofaffi masu cunkoso. Shi ya sa za ka ga rumfa biyu ko uku a firamare ɗaya ko ƙofar mai unguwa ɗaya, sunansu kusan iri ɗaya. Lambar kuwa kashi huɗu ce, jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, rumfa, kuma babu rumfa biyu da suka yi tarayya a cikinta.

Bari mu ƙaddara wata gunduma mai rumfa 12 a zaɓen ɗan majalisar jiha. Wakilanku sun turo hotunan EC8A ta waya, wani yaro ya shigar da su yadda suka zo. Ya ƙirga layuka, 12 cif. Jimla ta ba jam'iyya ta farko 1,864, ta biyu 1,702, tazarar 162. Kowa ya gamsu, tunda yawan layuka ya yi daidai da yawan rumfuna.

Amma akwai adadi ɗaya da aka san shi tun kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya, wato yawan masu rajista. A jerin hukuma gundumar tana da 7,940. Da aka tara masu rajistar da ke kan hotunan goma sha biyun, sai aka samu 8,115. An yi rarar mutum 175, kuma rajista ba ta haihuwa a cikin dare. Da aka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, sai ga rumfa ta 004 mai rajista 690 ta fito sau biyu, ta 011 mai rajista 515 kuwa babu ita sam. Cire 515 daga 690, ga 175 ɗinka. Rumfunan biyu a harabar makaranta ɗaya suke, kuma wakilin ta 011 ya ɗauki hoton takardar da aka liƙa a bangon maƙwabciyarsa.

Gyaran hannu biyu ne: a cire maimaicin, a saka wadda aka bari. Rumfa ta 004 ta ba ta farko 212, ta biyu 96. Ta 011 ta ba ta farko 88, ta biyu 171. Ta farko ta koma 1,740, ta biyu ta koma 1,777. Wadda ake ganin tana gaba da 162 ashe a baya take da 37. Na daɗe a kan wannan misali ne domin irinsa ne ya fi ɓoyuwa: maimaici ɗaya da tsallake ɗaya suna rufa wa juna asiri, ƙirga layuka ba zai tona su ba.

Mai aiki da Excel, in lambobin rumfuna suna shafin A, ya sa wannan a gefen kowane layi:

```
=COUNTIF(A:A,A2)
```

Duk inda ta ba da 2, rumfar ta maimaitu. Sai dai ba za ta nuna maka wadda ba a shigar ba. Wannan sai an gwada da jerin hukuma.

Bayan rumfuna sun cika, sai a duba cikin kowace takarda. Ƙuri'un jam'iyyu in an tara su dole su ba da adadin ƙuri'u masu kyau. A ƙara da waɗanda aka ƙi, a samu jimlar da aka kaɗa. Ita kuma kada ta wuce yawan mutanen da na'urar BVAS ta tantance. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce in ta wuce a soke sakamakon rumfar, shi ne abin da muke kira aringizo. A kan EC8B kuma a tara ta hanya biyu, a kwance da a tsaye. In jimlolin biyu sun saɓa, an yi kuskuren kwafa. Idan bambancin yana rabuwa da 9 ba saura, fara neman inda aka juya lamba, kamar 171 ta zama 117. Inda kwafinka ya saɓa da abin da baturen tattarawa ya karanta, nemi a duba hoton da aka ɗora a IReV kafin ka sa hannu.

Wuri na biyu da ake ninka ƙuri'a shi ne rumfunan da aka soke. Ana rubuta su a EC40G, kuma in tazarar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu ba ta wuce yawan masu katin zaɓe a waɗannan rumfuna ba, sai a ce zaɓe bai kammala ba, kamar yadda aka yi a zaɓen gwamnan Kano a 2019. Ranar ƙarashen zaɓe, sabon sakamako ake ɗorawa a kan jimlar da aka amince da ita. To, in teburinka har yanzu yana ɗauke da tsofaffin alƙaluman rumfar da aka soke, ka ƙidaya mutanenta sau biyu. Tun daren farko ka mayar da ƙuri'unta sifili, ka rubuta "an soke" a gefe, amma ka bar layin da masu rajistarsa, don jimlar rajista ta ci gaba da daidaita.

Da an zo haɗa gundumomi, gwajin ɗaya ne. Masu rajistar duk takardun EC8B su ba da adadin masu rajistar mazaɓar, rumfunan da aka ƙidaya da waɗanda aka soke su ba da yawan rumfunan da ke jeri. Mutum biyu su yi: ɗaya yana karanta lambar rumfa da alƙalumanta da babbar murya daga takarda, ɗaya yana bi da biro a tebur, kuma takardar da aka gama da ita a yi mata alama a kusurwa a ajiye ta a wani ambulan dabam.