Allon da Ke Cewa Na Dama Ya Fara Wucewa

Ƙanena direba ne, yana jigila tsakanin Kuje da Gwagwalada. Zai kai wani alhaji Maraɗi, sai abokinsa na can ya turo masa hoton wani allon hanya: mai kusurwa uku, bakinsa ja, cikinsa fari, da baƙin X a tsakiya. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaya, wannan ai an rufe hanya ke nan ko?"

Ba rufe hanya ba ne. Allon hani zagaye yake zuwa, mai kusurwa uku kuwa gargaɗi ne. Wannan yana cewa akwai mahaɗa a gaba, kuma duk wanda ya ɓullo ta hannunka na dama shi ke da hanya. Dokar Faransa ce, ƙasashen da ta mulka irin su Nijar suka gada, da Faransanci ana ce mata "priorité à droite".

Abin da ya sa na damu shi ne mu nan mun saba mai babban titi shi ne sarki, na lungu ya jira. A ƙarƙashin wannan allo faɗin titi ba ya ba ka komai. A ce ka nufi arewa a kan kwalta mai kyau, ga mai babur ya fito daga wata 'yar hanya ta gabas. Gabas ce damanka, don haka kai za ka tsaya, shi kuwa zai shigo ba tare da ya waiga ba, domin ya san hakkinsa ne. In ka buge shi, laifin naka ne. Da ta yamma ya fito, shi zai jira ka, ko da yake ban ce ka saki jiki ba sai ka ga ya rage gudu.

Saboda haka da ka hango allon, ɗaga ƙafa daga totur, ɗora ta kan birki, fara duba dama kafin hagu. Kada ka yi yunƙurin wuce wata mota a wurin.

Akwai ɗan'uwansa da ke rikita mutane: kusurwa ukun dai, amma da kibiya mai kauri a tsaye, siririn layi ya gitta ta. Wannan kai ya ba hanya, a mahaɗar da ke gaba kaɗai. Inda kuma fitilar hanya ke aiki, ko ɗan sanda na ba da hannu, su za ka bi.

Na kuma ce wa ƙanen nawa abokin ya sake ɗauko hoton daga ɗan nesa, sandar duka ta fito, domin sau da yawa akan liƙa ƙaramin allo a ƙasa mai nuna saura mita nawa a kai mahaɗar.