Nawa ne Ya Rage a Kuɗin Babur Ɗina?

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne, ina aiki tsakanin Maigatari da Gumel. Na karɓi Boxer a hannun wani dila, farashinsa na lakadan naira miliyan 1.2, aka yanka mini miliyan 1.45 a biya kaɗan-kaɗan. Na ba da kafin alƙalami 200,000, sauran kuma 25,000 duk Alhamis har mako 50. Yau mako 24 ke nan. Na biya cikakke sau 20, sau biyu na kai 15,000, sau biyu ban kai komai ba. Yanzu ya ce saura 800,000. Haka ne? Daga wani mai karatu a Maigatari.

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a nema. Da alƙalummanka, lissafin bai kai 800,000 ba.

Bayan kafin alƙalami, bashin da ya hau kanka naira 1,250,000 ne: miliyan ɗaya ragowar kuɗin babur, 250,000 ribar da dila ya ɗora saboda jiran da zai yi. Idan aka raba a kan mako 50, kowace 25,000 da ka miƙa, 20,000 na rage uwar kuɗi, 5,000 na tafiya a riba. Ka biya 500,000 a mako ashirin, da 30,000 a makonni biyun da ka gaza, jimla 530,000. Saura 720,000. A ciki, 70,000 ne kawai lokacinsu ya wuce, su ne za a iya matsa maka a kansu yau. Sauran 650,000 na makonni 26 ne da ba su zo ba.

To ina 80,000 ta fito? Kada ka yi saurin zargin zalunci. Ka je da takardarka ku zauna da littafinsa, ku bi Alhamis bayan Alhamis. Ranar kasuwar Maigatari ce, shago cike, ga hayaniyar masu dabbobi, yaron shago ya karɓi kuɗi ya cusa a aljihu ya ce zai rubuta anjima. Biya uku da suka ɓace ta haka sun kusa cinye bambancin. Wani lokacin kuma kuɗin lamba da rajista ne aka zuba a kan bashin ba a faɗa maka ba. Idan an yi alkawarinsu tun farko, naka ne, amma a rubuta su daban.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a ce tarar jinkiri ce. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa ya halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya ɗara na lakadan, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya lokacin ciniki. Amma ƙari a kan bashin saboda an yi jinkiri riba ce haramtacciya. Wato miliyan 1.45 ɗin nan ba ta girma, ko da farashin babur ya tashi a kasuwa. Wannan ba lasisin taurin bashi ba ne. Wanda yake da hali ya ƙi biya, shi ma ya yi zalunci.

Ka kuma duba abin da aka rubuta cewa kuɗin Alhamis ɗin yake. Idan balas ne, kuɗin haya kake biya, ko ka shekara babur na mai shi ne. Idan haya ce mai ƙarewa da mallaka, dokar Najeriya ta 1965 kan irin wannan ciniki ta ce da zarar ka biya kashi uku cikin biyar na farashin abin hawa, mai shi ba zai ƙwace shi ya mayar nasa ba sai ta hanyar kotu. A wurinka wannan 870,000 ne. Da kafin alƙalami ka biya 730,000, saura 140,000 ka kai. Kafin nan kana cikin haɗari, don haka 70,000 ɗin baya ita ce abin fara biya.

Daga wannan Alhamis, ka sayi ƙaramin littafi, kowane layi kwanan wata, abin da ka ba da, abin da ya rage, da sa hannun wanda ya karɓa. Idan taransifa ka yi, ka adana rasit ɗin. A shafin farko ka kwafi lambar inji da lambar shasi daga jikin babur, ka gwada su da na takardun da dila ya riƙe. Ranar zaman kuma ka tafi da wanda ya tsaya maka da shaidun cinikin, kada ka je kai kaɗai.