Kwana bakwai kafin a buɗe kwalin kambas

Sana'ata tsara wa masu shaguna tallar kaya ta waya, kuma a tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo babu abin da samari 'yan kasuwa suka fi tambayata a kai kamar wannan: sabon kambas ya zo, yaya za a ja ran mutane mako guda kafin a fara sayarwa? Sun ga yadda kamfanoni irin Nike ke yi, wanda tun 2015 yake da manhajar SNKRS da ke sanar da ranar fitar takalmi, jama'a su yi ta jira. Dabarar tana aiki a nan ma. Sai dai Nike ya san adadin ƙafafun da ya ɗinka kafin ya buɗe baki, namu kuwa da yawa sukan fara shela kaya na kan hanya daga Kano.

Sharaɗina na farko ke nan: ba na barin a ɗora hoto ko ɗaya sai kwalaye sun shigo shago, an buɗe, an ƙirga lamba-lamba. Mota takan lalace, dila yakan aiko da wani launi daban, wani lokaci a tarar da ƙafar hagu biyu a kwali ɗaya. Wanda ya ce wa gari "Lahadi" sannan Lahadi ta zo hannunsa wayam, mako na gaba ba mai sauraronsa.

Ranar fara sayarwa ma ba kai kake zaɓenta ba, kasuwa ce. Ta Goronyo Lahadi take ci, ranar ce mutanen ƙauyuka ke shigowa da kuɗi a aljihu, don haka daga ita ake ƙirgowa baya, a fara ranar Litinin. Mai shago a Wurno ko Rabah sai ya ƙirga daga ranar kasuwar da ta fi kawo masa masu saye, ko ta garinsu ko ta Achida. Lokacin shekara ma yana da tasiri. Makon da manoman fadama suka sayar da albasa ko shinkafa, ko ana saura kwana goma Sallah, ba ɗaya yake da tsakiyar damina ba.

Ga yadda muka yi da wani mai shago a Goronyo. Dozin biyar ya sayo, takalmi 60 ke nan, an shirya su daga lamba 40 zuwa 45, kowace lamba guda 10. Litinin muka ɗora hoton kwali a rufe a Status na WhatsApp, da kalma biyu: Lahadi, Goronyo. Talata muka nuna ƙasan takalmin kawai, an ɗauka kusa-kusa, har ana ganin zanen robar da zaren da ya haɗa ta da sama. Wannan hoton ya fi na kwalliya jan magana, domin saurayin da ke hawa babur a hanyar burji abin da yake son sani shi ne ko ɗinki ne ko gam, zai ɓare ko ba zai ɓare ba. Ƙa'idar ita ce kowace rana a ba mutum sabon abu guda da bai sani ba jiya. Status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma wanda ya buɗe sau biyu ya tarar da "yana nan tafe" ba zai ƙona datarsa a karo na uku ba. Saboda raunin sabis a ƙauyuka, hoto ɗaya mara nauyi ya fi bidiyo isa.

Laraba ce ranar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi yin sakaci da ita. Mun nuna launuka uku daga gefen diddige, muka rubuta: turo lambar ƙafarka da launin da kake so. Daga nan talla ta koma ƙidaya. Mai shagon ya buɗe littafi, shafi guda ga kowace lamba. Kafin Alhamis da safe mutum 17 sun nemi 42, mutum 14 sun nemi 43, lamba 45 kuwa mutum biyu kacal. Ga shi kowace lamba goma ce a hannu. Da bai tambaya ba, sai ranar Lahadi da hantsi zai gane, lokacin da ya juya mutane baya kuma manyan lambobi suna kwance. Da yake ya sani da wuri, ya kira dilansa ya nemi ƙarin 42 da 43, bai kuma yi wa kowa alkawarinsu ba sai da suka sauka.

Amma a lura, tambaya ba ciniki ba ce. "Ajiye mini" kyauta ake faɗinta. Shi ya sa littafin yake da layi biyu, na waɗanda suka tambaya da na waɗanda suka ba da kafin alƙalami, kuma da layi na biyu kaɗai ake ƙaro kaya. Duk wanda ya ba da kuɗi a rubuta masa shaida, a gaya masa ƙarfe nawa ajiyarsa za ta ƙare, a kuma mayar masa da kuɗinsa cif idan lambarsa ba ta samu ba.

Cikakken hoto sai Alhamis da dare, farashi kuma Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tun Talata saƙonni ke shigowa, "Wanga takalmi nawa na, maigida?", ana ba su haƙuri. Dalilin jinkirin a fili yake: Sakkwato kusa ce, mutum zai je ya dawo a yini ɗaya, idan ka nuna komai tun Litinin maƙwabcinka zai samo mai kama da shi ya karya farashi kafin ka buɗe. Amma ɓoye farashi har ranar kasuwa shi ma asara ne. Saurayi yana buƙatar kwana biyu ya harhaɗa kuɗinsa, ko ya karɓo bashin da yake bi.

Waya kaɗai ba ta isa ba. Status ba ya zuwa sai ga wanda kuka ajiye lambar juna, jerin Broadcast kuma mutum 256 yake ɗauka, shi ma sai wanda ya ajiye lambarka ke samun saƙon. Mutanen yankin nan ba su manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Don haka Asabar a ƙasa muke yinta. Ƙafa ɗaya a ajiye a shagon cajin waya, mutane su ɗauka su lanƙwasa su duba ɗinki. Wani ɗan ƙwallo da ake ji da shi a unguwa ya sa nasa ya shiga gidan kallo lokacin wasan Firimiya. A sanarwar kuma a faɗi wuri da sa'a ta safe, tunda masu zuwa daga nesa suna son komawa gida da rana tsaka, kuma kada a nuna inda ake ajiye kaya ko kuɗi.

Ana gane tallar da ta mutu tun tsakiyar mako. Ba yawan masu kallo nake dubawa ba, domin 'yan'uwa da abokai za su kalli komai. Idan Laraba ta wuce babu mai turo lambar ƙafa, ko hoton bai nuna abin da ake son gani ba, ko babu kuɗi a gari. A nan ne wasu ke rubuta "saura kaɗan" alhali kwalaye na jibge. A babban birni ƙila a sha, amma a Rabah yaron da ya sauke kayan daga mota ƙanen mai sayen ne. Mu abin da muke yi ranar Lahadi shi ne faɗin adadin gaskiya da safe, duk lambar da ta ƙare kuma a ɗora nan take cewa ta ƙare, don kada wani ya biya kuɗin babur daga ƙauye ya zo neman 42 da babu.