Kafin Baba ya sa hannu a takardar fansho

Ɗana, na ji takardar fansho da garatutin mahaifinka ta fito. Alhamdu lillahi, Allah ya sa albarka. Amma kafin ya sa hannu, ka samu biro da takarda ku zauna tare. Masu lissafin nan mutane ne, fayil ya yi musu yawa, kuma mai aiki shi ke kuskure. Ba zarginsu nake so ka yi ba. Dubawa kawai za ka yi.

Fara da sanin tsarin da yake ciki. Idan kowane wata ana cire masa kuɗi ana zubawa a asusunsa na kamfanin fansho, to lissafinsa daban ne, abin da ya taru shi ne nasa. Maganata a kan tsohon tsari ce, wanda ya samo asali daga dokar fansho mai lamba 102 ta 1979, aka gyara jadawalinta a 1992. Jihohi da dama a kansa suka gina nasu. Duk da haka ka nemi jadawalin dokar jiharku ka gani da idonka, don wani wurin akan sami bambanci.

Jadawalin ba shi da wuya. Wanda ya yi shekara 10 yana aiki, garatutinsa albashin shekara guda ne cif, fanshonsa kuma kashi 30 cikin ɗari na albashin. Kowace shekara da ta ƙaru, garatuti ya hau da kashi 8, fansho ya hau da kashi 2. A shekara 35 ake tsayawa: garatuti kashi 300, fansho kashi 80.

Ka ga ke nan abu biyu ne ke riƙe da komai, yawan shekaru da albashin ƙarshe.

Shekarun su ne inda aka fi tuntuɓe, don haka mu ɗan jima a nan. Ɗauko takardar ɗaukarsa aiki ta farko da takardar ritaya, ka ƙirga da kanka. Ranar da ya kama aiki ake bi, ba ranar da aka tabbatar da shi ba. Sannan abin da ya haura wata shida, shekara guda ake ɗaukarsa.

Mu ce Baba ya yi shekara 28 da wata 8, albashinsa na ƙarshe kuma naira 1,200,000 a shekara. Wata takwas ɗin nan sun mayar da shekarunsa 29. Cire 10, saura 19. Garatuti: 19 sau 8 ya ba da 152, ka haɗa da 100, kashi 252 ke nan, wato naira 3,024,000. Fansho: 19 sau 2 ya ba da 38, ka haɗa da 30, kashi 68. Naira 816,000 ke nan a shekara, 68,000 a wata.

Yanzu a ce mai lissafi ya yar da watannin, ya rubuta shekara 28. Garatuti zai dawo 2,928,000, fansho 66,000 a wata. An yi asarar 96,000 nan take. Dubu biyun nan ta wata-wata kuwa, ita ta fi damuna. Ba a ganinta, amma za ta bi shi iyakar ransa, kuma duk ƙarin da gwamnati ta yi bisa kaso, a kan gurguwar lambar za a ɗora. Tun ran gini ran zane, ɗana.

Sai albashi. Duba mataki da ɗan matakin da aka rubuta, ka gwada da takardar ƙarin girmansa ta ƙarshe. Sau da yawa ƙarin girma kan zo dab da ritaya, takardar ba ta kai fayil ba, sai a yi lissafi da tsohon mataki. Amma ka sani ba kowane alawus ke shiga lissafin fansho ba. Kada ka ɗauki duk abin da ke faɗa masa a banki ka ce an rage.

Ka duba abin da aka cire ma. Idan ya ci gaba da karɓar albashi bayan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki, za a cire, kuma da gaskiyarsu. Haka ragowar bashin mota ko na gida. Naka shi ne ka ƙirga watannin, ka tambayi takardar kowane bashi. Matambayi ba ya ɓata.

In lissafinku ya saɓa da nasu, kada ka je da faɗa. Baba ya rubuta takarda gajera zuwa hukumar fansho ta hannun ma'aikatarsa. Ku nuna layin da kuka ga kuskure, ku sa naku lissafin kusa da nasu, ku haɗa kwafin takardun. Na asali su zauna a gida. In ka miƙa, ka roƙi magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku, sannan ka tambaye shi ranar da za ka dawo.