Darasi: Nawa Ne Kuɗin Awa Ɗaya a Cikin Albashin Wata?

Manufar darasi: A ƙarshen wannan zama kowace mamba za ta iya fitar da kuɗin yini da kuɗin awa daga albashin wata, kuma za ta san lambar da ya kamata a raba albashin da ita.

Kayan aiki: kalandar bango, littafin ƙungiya, biro, ƙwayar wake ko tsakuwa guda 31, da waya mai kalkuleta idan akwai.

Inda rigimar take tasowa

'Yan uwa, idan ƙungiya ta sayi injin niƙa ko na matsar gyaɗa, dole a ɗauki wadda za ta kula da shi, a yanka mata albashin wata. Muddin ta zo aiki kullum, babu gardama. Maganar tana tashi ne ranar da ta yi fashi aka ce za a yanke mata, ko ranar da niƙa ya yi yawa ta ƙara awanni ta ce a biya ta. Nan sai a fara tambaya: shin nawa ne kuɗin awarta ɗaya?

Abin da ke rikita lissafin shi ne albashi ba ya canzawa, amma ranakun aiki suna canzawa daga wata zuwa wata.

Mu ƙirga da wake

A ce ƙungiyarmu tana biyan mai kula da inji naira 39,000 a wata. Tana aiki daga ƙarfe takwas na safe zuwa ƙarfe ɗaya na rana, wato awa biyar. Tana zuwa kwana shida a mako, tana hutawa ranar Juma'a.

Mai gudanarwa ta buɗe kalandar 2025, ta sa mambobi su ɗora wake ɗaya a kan kowace rana, sannan su kwashe na ranakun Juma'a.

Watan Fabrairu yana da kwana 28, Juma'a huɗu. Wake 24 ne zai rage. Watan Yuli yana da kwana 31, shi ma Juma'a huɗu, don haka 27 ne zai rage. Watan Oktoba ma kwana 31 ne, amma Juma'a biyar ta faɗo a cikinsa, sai ya rage 26.

Yanzu sai a raba. Da farko a raba albashi da ranakun aiki, a sami kuɗin yini. Sannan a raba kuɗin yini da awa biyar, a sami kuɗin awa.

| Wata | Ranakun aiki | Kuɗin yini | Kuɗin awa |
|---|---|---|---|
| Fabrairu | 24 | N1,625 | N325 |
| Oktoba | 26 | N1,500 | N300 |
| Yuli | 27 | N1,444 | N289 |

Kun gani? Mace ɗaya, inji ɗaya, albashi ɗaya, amma awarta ta fi tsada a Fabrairu, ta fi araha a Yuli. Ba wanda ya cuce ta. Kuɗi ɗaya ne aka raba wa ranaku masu yawa a nan, kaɗan a can, kamar tukunyar tuwo ɗaya da yau mutum shida suka ci, gobe mutum bakwai.

Lamba ɗaya ta duk shekara

Ba za mu so ma'aji ta riƙa sake lissafi kowane wata ba, mai aiki kuma ba za ta gane dalilin da ya sa awarta ke hawa da sauka ba. Mafita ita ce a bar wata, a yi lissafi da shekara, domin ita shekara kusan ba ta canzawa: mako 52 ne, da kwana ɗaya ko biyu a kai.

Mai aikinmu tana zuwa kwana shida a mako. Shida sau 52 ya ba da kwana 312. A raba 312 gida goma sha biyu, kowane wata ya sami kwana 26. Wannan 26 shi ne matsakaicin wata ga duk mai aikin kwana shida a mako. Wani watan zai haura shi, wani ya gaza, amma idan shekara ta zagayo sai su cike wa juna.

Saboda haka 39,000 a raba da 26, kuɗin yini N1,500. A raba da biyar, kuɗin awa N300. Wannan shi za a rubuta a littafi, a yi aiki da shi daga Janairu har Disamba. Ba zai canza ba sai an canza albashi, ko ranakun mako, ko awannin yini.

Kuskure biyu da aka saba yi

Na farko, a ce ai wata kwana talatin ne, a raba da 30. Sai kuɗin yini ya zama N1,300, na awa N260. Laifin wannan lissafi shi ne an ƙirga har da Juma'ar da ba ta aiki, don haka kuɗin awarta ya faɗo ƙasa da gaskiya.

Na biyu, a ce ai wata mako huɗu ne, a raba da 24. Sai awa ta zama N325. Mako huɗu kwana 28 ne kawai, kuma Fabrairu ne kaɗai ke tsayawa a nan. Mako huɗu sau wata goma sha biyu mako 48 ne, an zubar da mako huɗu cur daga shekara.

Ga yadda bambancin ke taɓa aljihu. A ce kafin Sallah niƙa ya yi yawa, mai aikinmu ta ƙara awa 20 a wata. Da lambar 26 za ta karɓi N6,000. Da lambar 30 za ta karɓi N5,200, an tauye mata N800. Da lambar 24 kuwa N6,500 ne, asusun ƙungiya ya yi asarar N500.

To a ce kuma ta yi fashin kwana uku ba da izini ba. Da 26 za a yanke N4,500. Da 30 za a yanke N3,900. Da 24 za a yanke N4,875.

Ku lura da kyau a nan, don a nan son rai yake shigowa. Lambar 30 tana yi wa ƙungiya daɗi ranar biyan ƙarin lokaci, lambar 24 kuma tana yi mata daɗi ranar yanka. Idan ma'aji ta ɗauki wannan yau, ta ɗauki waccan gobe, ta zama mai awo da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Mudun da aka ƙara mata da shi, da shi za a rage mata.

Inda lambar 26 ba ta aiki

Kuɗin yini na N1,500 na ƙari da ragi ne kawai. Ba a gina albashin wata da shi. Idan aka ce a Fabrairu ta yi kwana 24, aka buga 24 sau 1,500, za a sami N36,000, alhali ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. A Yuli kuma za a sami N40,500. Wadda ta cika watanta, albashinta N39,000 ne, ko watan gajere ne ko dogo.

Wuri na biyu shi ne watan kama aiki ko watan barin aiki. A ce sabuwar mai aiki ta fara a tsakiyar Fabrairu, ta yi kwana 12 cikin 24. Idan aka buga kwanakin da ta yi da 1,500, za ta sami N18,000. Idan aka yanke kwana 12 da ba ta yi ba daga albashi, za ta sami N21,000. Amsa biyu ga tambaya ɗaya, alama ce ta cewa mudun bai dace da wannan awon ba. A irin wannan hali sai a koma ga ainihin ranakun watan: ta yi 12 cikin 24, rabin wata ke nan, haƙƙinta N19,500. Haka za a yi idan fashi ya yi tsawo har ya ci kusan rabin wata.

Idan tsarin aikin daban ne

Mai aikin Litinin zuwa Juma'a, kamar na ofis ko makaranta, kwana biyar take yi. Biyar sau 52 kwana 260 ne, a raba gida goma sha biyu ya zama kwana 21 da kashi biyu cikin uku na kwana. Idan awa takwas take yi a yini, awanninta na wata kusan 173 ne. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Najeriya ta tsayar a 2024, wato N70,000, idan aka raba shi haka, awa ɗaya tana kamawa kusan N404.

Idan kuwa da ganin wata kuke biya, watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, shekararsa kuma kusan kwana 354. Matsakaicin mai kwana shida a nan ya fi kusa da 25, ba 26 ba. Ku tsayar da kalanda ɗaya tun farko, kada a riƙa gauraya su.

Abin da za a rubuta ranar ɗaukar aiki

Sakatariya ta rubuta waɗannan a littafi, a karanta da ƙarfi a gaban mai aikin da shaidu biyu, ta sa hannu ko ta dangwala:

1. Albashin wata, da ranar biya.
2. Ranakun aiki a mako, da awanni a yini.
3. Lambar rabawa, da kuɗin yini da na awa da suka fito daga gare ta.
4. Ko awar ƙarin lokaci daidai take da awar kullum, ko akwai ƙari a kanta.
5. Ranakun da ba a yanke kuɗinsu: hutun Sallah, ranar da inji ya lalace ko mai ya ƙare, da rashin lafiyar da aka sanar.

Bayan haka a ja layi a littafi don rubuta zuwa da tashi kullum. Idan ba a rubuta awanni ba, kuɗin awa ba shi da abin da za a buga shi da shi.

Aikin gwaji

Ku kasu uku-uku. Wata mai tsinkar gyaɗa tana karɓar N26,000 a wata, kwana shida a mako, awa huɗu a yini. A wannan watan ta ƙara awa shida, ta kuma yi fashin kwana biyu. Nawa za a ba ta?

*Amsa ga mai gudanarwa:* kuɗin yini N1,000, na awa N250. Ƙarin lokaci N1,500, abin yankewa N2,000. Za ta karɓi N25,500. Idan wani rukuni ya sami N217 a awa, da 30 suka raba. Idan N271 suka samu, da 24 suka raba. A mayar da su ga wake da kalanda su sake ƙirgawa.

Kafin taro na gaba: duk wadda ke da ɗa, 'ya ko miji mai albashin wata, ta tambayo ranakun aikinsa a mako da awanninsa a yini, mu fitar da kuɗin awarsa tare.