Zaɓen Tukunya Gwargwadon Cinta: Daga Girkin Gida zuwa Girkin Taro

1.0 Gabatarwa

A garin Achilafiya na ƙaramar hukumar 'Yankwashi, da sauran garuruwan yankin irin su Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, idan biki ko suna ko walima ta taso, akan bi maƙwabta a aro manyan tukwane, ko kuwa a yi hayarsu. Yawanci da ido ake zaɓen tukunyar, ido kuwa yana yaudara a sha'anin cin mazubi. Idan tukunya ta yi kaɗan, abinci yakan yi bori ko ya dahu rabi da rabi, a yi asarar hatsi da itace, a kuma ji kunya a gaban baƙi. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake gane cin tukunya, da yadda ake daidaita shi da yawan abincin da za a dafa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) auna cin tukunya da ruwa da kuma lissafi;
(b) bayyana abin da ke ninkuwa da wanda ba ya ninkuwa idan an ninka girki;
(c) fitar da girma da adadin tukwanen da girkin taro yake bukata.

3.0 Ma'anar Cin Tukunya

Bahaushe yakan ce tukunya kaza tana cin mudu biyu, ko tana cin kwano biyar. Ma'anar wannan magana ita ce tukunyar tana iya dafa wannan adadin hatsi ba tare da ya zube ba. Wannan awo yana da amfani, amma yana da rauni biyu. Na farko, girman mudu da kwano da tiya yakan bambanta daga wata kasuwa zuwa wata. Na biyu, kwanon shinkafa da kwanon wake da kwanon garin tuwo ba wuri ɗaya suke cinyewa ba idan sun dahu. Haka kuma lambar da maƙera suke sa wa tukwanen alminiyam ba ma'aunin lita ba ce, domin tukwane biyu masu lamba ɗaya daga hannun maƙera daban suna iya bambanta a girma. Saboda haka a wannan darasi, cin tukunya yana nufin adadin litar ruwan da take ɗauka idan an cika ta har baki.

3.1 Hanyoyin Auna Cin Tukunya

Hanya ta farko ita ce ta gwaji da ruwa, kuma ita ce mafi inganci. A sami mazubin da aka san cinsa, kamar jarka mai lita 25, a riƙa cika shi ana juyewa a tukunya ana ƙirgawa har ta cika. Tukunyar da ta shanye jarka biyu da rabi, cinta ya kai kimanin lita 62. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Hanya ta biyu ita ce ta lissafi, kuma tana da amfani a kasuwa inda babu halin zuba ruwa. A auna faɗin tukunya ta ciki da zurfinta da santimita, sannan a yi amfani da wannan ƙa'ida:

Cin tukunya da lita = rabin faɗi × rabin faɗi × zurfi × 3.14 ÷ 1000

Ana rabawa da 1000 ne domin lita ɗaya daidai take da cin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne santimita 10 ne. Wannan ƙa'ida ta tukunya ce mai miƙaƙƙen jiki da shimfiɗaɗɗen gindi. Tukwanenmu na murhu kuwa masu zagayayyen gindi ne, don haka ainihin cinsu yakan gaza abin da lissafi ya bayar.

3.2 Barin Sarari

Ba a cika tukunya har baki. Abinci yana bukatar sarari na tafasa da na juyawa. Shinkafa ta tsaya a kashi uku cikin huɗu na tukunya bayan ta dahu. Miya da wake su tsaya a kashi biyu cikin uku, domin wake yana tayar da kumfa, miyar kuɓewa da ta kuka kuma suna tasowa saboda yauƙinsu. Tuwo ma kada ya wuce kashi biyu cikin uku, domin talge yana fantsama, muciya kuma tana bukatar wurin juyawa. Idan wuri ya ƙure, mai tuƙi ba za ta iya murje garin a jikin tukunya ba, sai tuwo ya yi gudaji.

Abu na biyu da za a kula shi ne, dafaffen abinci ake auna wa tukunya, ba ɗanyensa ba. Shinkafa takan kumbura ta ninka kusan sau uku. Tun da yake iri ya bambanta, yana da kyau a gwada: a dafa gwangwanin madara ɗaya na shinkafar da aka saya, a auna gwangwani nawa ta zama.

3.3 Ninka Girkin Gida

A ɗauka wata uwargida tana dafa abincin mutum shida a tukunya mai faɗin santimita 24 da zurfin santimita 15. Bisa ƙa'idar da ta gabata, cin tukunyar ya kusa lita 7. Yau an yi baƙi, za a dafa na mutum goma sha biyu. Wace tukunya za ta ɗauko?

Mutane da yawa sukan zaci sai wadda ta ninka wancan a faɗi da zurfi. Amma tukunya mai faɗin santimita 48 da zurfin 30 tana cin lita 54, wato ninki takwas. Dalili kuwa shi ne ci yana ƙaruwa ta fuska uku a lokaci guda: tsawo da faɗi da zurfi, kuma biyu sau biyu sau biyu takwas ke nan. Domin a sami ninki biyu kawai, ƙarin kimanin rubu'i a kan faɗi da zurfi ya wadatar. Tukunya mai faɗin santimita 30 da zurfin 19 tana cin lita 13 da ɗoriya, ga shi kuwa a ido kaɗan ta ɗara ta farko.

Wani abin lura shi ne, ko da yake cin sabuwar tukunyar ya ninka, filin bakinta da na gindinta ya ƙaru ne da kimanin rabi kawai. Wannan yana da sakamako biyu. Na farko, ruwan da ke tafiya a tururi ta baki yake fita, don haka bai ninka ba. Ruwan da hatsi ke sha shi ne ya ninka. Idan aka ninka ruwa daidai wa daida, shinkafa tana iya caɓewa. Abin da ya dace shi ne a ɗan rage ruwan, a ajiye tafasasshe a gefe don ƙarawa. Na biyu, zafi ta gindi yake shiga, saboda haka tukunyar za ta daɗe kafin ta tafasa. Amma da zarar ta tafasa, lokacin da ƙwayar shinkafa take bukata ta nuna bai canja sosai ba. Wadda ta ninka lokacin girki ko ta ninka wuta, ƙanzo za ta tarar.

3.4 Misali daga Girkin Taro

A ƙaddara za a yi walima a Achilafiya, ana sa ran mutum 200, abincin kuwa shinkafa da miya ne. Ga matakan lissafin.

Mataki na ɗaya, ɗanyen hatsi. Idan aka ware wa kowane mutum takwas kilo ɗaya, mutum 200 za su bukaci kilo 25, wato rabin buhu mai kilo 50. A ɗauka an gwada kwanon awon gidan, an ga yana cin lita 3, kuma shinkafar ta ba da kwano 10. Ɗanyar shinkafa lita 30 ke nan.

Mataki na biyu, kumburi. Lita 30 sau uku ya ba da lita 90 na dafaffiyar shinkafa.

Mataki na uku, sarari. Tun da lita 90 ita ce kashi uku cikin huɗu, sai a raba ta uku a sami 30, a ninka sau huɗu. Ana bukatar cin lita 120.

Mataki na huɗu, gwada tukunya. An kawo wata babba mai faɗin santimita 60 da zurfin 40. Lissafi ya ba ta lita 113, amma da aka gwada da ruwa, jarka ta huɗu ba ta ƙare ba ta cika, wato kimanin lita 95. Kashi uku cikin huɗu na wannan kimanin lita 71 ne kawai, don haka kwano 8 ma da ƙyar za ta ɗauka. Duk girmanta a ido, ta gaza.

Mafita ita ce a raba girkin a tukwane biyu masu cin lita 60, kowacce kwano 5, wanda zai kumbura ya kai lita 45. Wannan ya fi neman tukunya ɗaya mai lita 120. Idan shinkafa ta yi zurfi ainun, nauyin ta sama yakan danne ta ƙasa, zafi kuma ba ya ratsa ta daidai. Ban da haka, kilo 25 idan ya sha ruwa yakan haura kilo 60, sauke shi daga murhu da zafinsa haɗari ne. Sannan idan tukunya ɗaya ta kama, ɗayar ta tsira.

Ita kuwa miya, idan lita ɗaya za ta ishi mutum bakwai, ana bukatar kusan lita 30. Da yake kashi biyu cikin uku ake cika wa, tukunya mai lita 45 ta dace.

3.5 Alamomin Kuskure

Tukunyar da ta yi kaɗan ana gane ta da ɗagawar murfi, da ruwa yana bin jikinta yana kashe wuta, da kuma ƙauri yana tashi alhali shinkafar sama ba ta nuna ba. Idan an ga haka, a rage wuta, a ɗebi wani kaso a mayar wata tukunyar da tafasasshen ruwa. Wadda ta yi yawa kuwa, abinci yakan baje a gindinta, ruwa ya ƙone kafin hatsi ya nuna, ga kuma cin itace.

4.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓen tukunya yana bin matakai huɗu: auna ɗanyen hatsi, ƙiyasta kumburinsa, ƙara sarari, da gwada tukunya da ruwa. An kuma ga cewa ninka girki ba ya nufin ninka faɗin tukunya, ko lokaci, ko wuta.

5.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa tukunyar da ta ninka wata a faɗi da zurfi take cin ninki takwas?
2. Fitar da cin tukunya mai faɗin santimita 40 da zurfin santimita 30. Kwano nawa na shinkafa za ta dafa, idan kwanon mai lita 3 ne?
3. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: talge, gudaji, ƙanzo, ƙauri, caɓewa.

6.0 Jinga

Ka gwada tukwane uku na gidanku da ruwa, ka kwatanta sakamakon da abin da masu girki da su suke cewa suna ci, sannan ka rubuta bayanin bambancin da ka samu.